Zumuncin mata shida a kan mace ɗaya

"Goggo, ga aiki, ga yara uku, ga jarrabawa saura mako 5, kuma kowace Asabar sai an ce biki ko suna. Shin a al'ada dole ne in halarci kowanne? Wallahi a kan littafi nake barci."

Ɗiyata, sai da na yi dariya, sannan jikina ya yi sanyi. Wa ya ce miki a da mace ɗaya ke zaga dangi kaf?

Gidan kakanku mata shida ne manya. Akwai wata Alhamis da hidima uku ta haɗu: suna a maƙwabta, yinin biki a ƙauyen da ke gaba da mu, sannan da asuba aka aiko da rasuwar wani ɗan ƙanen kakarku. Ga gyaɗa an riga an soya, ranar matsar mai ce, kuma gobe kasuwa. Iya, wato kakarku, ta zauna bakin murhu ta raba mutane kamar mai rabon tuwo. Ita da uwargidan babban ɗanta suka tafi gidan rasuwa, don wannan ba a aike. Mutum ɗaya ta ɗauki ƙwaryar gero da turmin atamfa ta nufi biki da sunan gidan duka. Suna kuwa, cewa ta yi ai an je barka tun kwana biyu da haihuwa, sai a tura yara da fura. Mai girki ba ta motsa ba, sauran biyun suka tsaya kan mai da ƙuli. Da amaryar gidan ta ɓata rai don tana son bikin, sai Iya ta ce mata, "Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ƙafa ɗaya in ta je, gida ne ya je." Har Iya ta rasu ba wanda ya ce gidanmu ya yanke zumunci. Bukukuwan ma sai bayan kaka ake sa su, in an gama aikin gona. Al'adar da kanta ta san lokacin aiki.

Ke yanzu daga ke sai maigidanki, kina son ɗaukar kayan mata shida.

Ɗauko biro. Mako awa 168 ne. Barcin awa 7 kullum ya ci 49. Aiki da zirga-zirgar hanya, a ce 50. Girki, wanki, sallah da hidimar yara, awa 5 a rana, 35 ke nan. Saura 34. Karatu yana son 14, wato awa 2 kullum, kuma ya fi kama kai bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Abin da ya rage 20 ne, a ciki za ki huta, ki zauna da mijinki, ki leƙa mahaifiyarki. To yinin biki ɗaya, in kin haɗa da zuwa wurin tela, ƙunshi da hanya, yana cin awa 10. Biyu a mako sun cinye ragowar tas, sai ki koma ranto daga barci. Alamar kin fara cin wannan bashin ita ce ki karanta shafi ɗaya sau uku bai zauna ba, ki makara asuba, ki yi wa yaro tsawa don ya zubar da ruwa. Malaminmu na allo yakan maimaita abin da Salmanu ya gaya wa Abu Darda'i, wanda Annabi (SAW) ya gaskata: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka ma haka.

Saboda haka, gaisuwar rasuwa ki je da ƙafarki cikin kwana ukun farko, ki yi addu'a ki tashi, ba a auna ta da tsawon zama. Haihuwa, ki biya barka in kin taso aiki, minti 20 da ɗan sabulu da rigar jariri, sai ranar suna ta zama nafila. Biki kuwa, ku 'yan yanzu kun tara kamu, sa lalle, yini, dina, kai amarya, kowanne da ankonsa, ko kunyar aljihun mutane ba a ji. Zaɓi ɗaya. Maigidanki ya tsaya ɗaurin aure, ke da ƙanwarki ku riƙa karɓa-karɓa.

Inda ake samun ɓacin rai shi ne a ce "in sha Allahu ina tafe" sannan a yi shiru. Ki je wurin uwar biki tun saura mako biyu, ki miƙa gudummawarki hannu da hannu, ki ce jarrabawa ce, kamu kaɗai za ki samu. Kada ki tura saƙon waya, babba ba ya jin wannan a matsayin uzuri.

Bikin ƙanwar mijinki da na ji an sa watan gobe kuwa, wannan ba ya cikin lissafin nan. Sai kin zo mun zauna, ki taho da takardar ranakun jarrabawar.