Babur ko Keke Napep: lissafin kai kaya gida kafin ka turo kuɗin

Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, ina da shagon kayan masarufi a Hotoro, Kano, wanda ƙanena yake riƙe da shi. Ya ce mu fara kai wa mutane kaya gida, ya ƙiyasta oda 15 a rana, kowace da ribar kamar ₦1,500, mai saye kuma ya biya ₦700 kuɗin kaiwa. Babur da takardunsa ₦1,800,000 ne. Baffana ya nace sai Keke Napep ta miliyan 4, a ba ɗansa, har ya samo dillalin da zai kawo ta. Kuɗin da ke hannuna na sabunta iƙamar iyalina ne, wato takardar izinin zamansu a Saudiyya, ga shi baffa ya fara cewa na manta da zumunci. Ina so in rubuta lissafi a takarda, amma ban san ta ina zan fara ba.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa lissafin shago, ka cire kuɗin iƙama daga cikin maganar baki ɗaya. Ka fi ni sanin cewa kowane mutum ɗaya da ke zaune a ƙarƙashin iƙamarka ana biya masa riyal 400 a wata, kuma ranar sabuntawa ba ta jiran cinikin Hotoro. Jarin da za ka zuba shi ne abin da ya rage bayan ka ware wannan, ko da ragowar ba ta kai kuɗin babur ba.

Takardar da za ka rubuta kada ta wuce shafi biyu, kuma ta kwatanta hanyoyi uku, domin akwai ɗaya da ba wanda ya ambata maka: shago ya riƙa biyan masu babur da ke sana'ar kai saƙo kuɗin kowace tafiya, ba tare da ya sayi komai ba. Wannan hanyar ita ce ma'aunin sauran biyun.

Fara da kuɗin da zai shigo, kuma a nan ne yawancin mutane suke yaudarar kansu. Cikin oda 15 ɗin nan, wasu tsofaffin masu sayenku ne waɗanda da ma za su tako da ƙafarsu, don haka ribarsu ba sabuwa ba ce. Mu ɗauka 10 ne kawai sababbi. A kwanakin aiki 26 na wata, ribarsu ₦390,000 ce, kuɗin kaiwa na dukkan odar kuma ₦273,000, jimla ₦663,000. Wannan adadin ɗaya ne ko da wace hanya aka kai kayan, bambancin yana wajen kashewa.

Alƙaluman kashewar da zan sa na misali ne, ƙaninka ya maye su da farashin da ya ji da kunnensa. Idan mai babur na haya yana karɓar ₦1,200 a kowace tafiya, tafiya 390 za ta ci ₦468,000, ya rage muku ₦195,000 a wata. Idan babur ɗinku ne, albashin mai tuƙi da mai da juyen baƙin mai da gyara da katin waya su kai ₦270,000, ya rage ₦393,000. Wanda bai lura ba zai raba kuɗin babur da wannan ragowar, ya yi murna cewa jarinsa zai dawo kafin wata biyar. Kuskure ne, domin ₦195,000 daga ciki za ku same ta ko ba ku sayi babur ba. Abin da babur ɗin ya ƙara muku shi ne ₦198,000 a wata, saboda haka sai bayan wata tara zai mayar da kuɗinsa. Idan ka bi da Keke ta wannan hanya, da kashewar ₦330,000 a wata, ƙarin da za ta kawo ₦138,000 ne, wato kusan wata 29 kafin miliyan 4 ta dawo.

Daga nan ka sake lissafin kamar ciniki ya zo rabi, oda 8 a rana, 5 sababbi. Kuɗin mai zai ragu, amma albashi yana nan yadda yake, sai fifikon babur a kan haya ya koma kusan ₦40,000 a wata, lokacin dawowar jari kuma ya tashi daga wata tara zuwa kusan shekara huɗu, lokacin da babur ɗin da ke yawo kullum a titunan Kano ya riga ya tsufa. Wannan ya nuna maka cewa duk shawarar ta rataya ne a kan adadin oda, adadin da har yanzu ƙiyasi ne na bakin ƙaninka.

A ƙarƙashin kowace hanya ka rubuta amfanin da ba ya shiga lissafin kuɗi, da haɗarinta. Babur na kanku yana ba ku ikon cika alkawarin lokaci, mai saye ya saba da fuska ɗaya, amma sata da haɗari da ranakun da zai kwana a wajen bakanike duk a wuyanku suke. Keke tana da amfani na gaske idan odarku buhunan shinkafa ce da jarkokin mai da katan-katan na taliya, waɗanda babur ba zai ɗauka a tafiya ɗaya ba. Idan yawanci leda biyu ce ko uku, miliyan 4 ta yi yawa. Ka tuna kuma tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, don haka kada kowa ya cusa maka kuɗin ɗaukar fasinja a lissafin babur, kuma ƙaninka ya je ofishin KAROTA da kansa ya ji ƙa'idar babur mai akwatin kaya.

Game da dillali, kada ka tura masa ko sisi. Na ga wanda ya biya kuɗin sabuwar Keke aka kawo masa tsohuwa da sabon fenti, na kuma ga wanda ya dawo hutu ya tarar an sayo ta ne da biyan kaɗan-kaɗan, takardu da sunan wani, ragowar kuɗinsa kuma ta bi ruwa. Duk abin da za a saya, a saye shi a hannun dila mai shago, kuɗin ya tashi daga asusunka zuwa asusun dilan, rasit ya fito da lambar inji da ta shasi, rajista da inshora kuma su kasance da sunanka ko sunan shagon.

Baffanka yana da haƙƙin girmamawa a kanka, amma ba shi da haƙƙin ɗora maka laifin yanke zumunci don ka ƙi taɓa kuɗin da zaman matarka da 'ya'yanka ya dogara a kai. Abin da yake nema sana'a ce ga ɗansa, kuma buƙata ce mai kyau, sai dai ba ita ce buƙatar shago ba. Keken da aka ba ɗan'uwa da sunan kai kaya, da safe za ta tafi ɗaukar fasinja, oda ta zauna tana jira, ƙaninka kuma ba zai iya tsawatar masa ba saboda kunyar baffa. Idan kana son taimakon yaron, ka ba shi abin da za ka iya a matsayin kyauta, ko ka ɗauke shi aikin tuƙi da albashi da sharuɗɗa a rubuce.

Shawarata ita ce ku fara da haya na wata uku. Ƙaninka ya buɗe littafi yana rubuta kowace oda da unguwarta da nauyinta, da ko mai sayen sabo ne ko tsoho, ya riƙa turo maka hoton shafin kowace Juma'a. Ka sa wa kanka sharaɗi tun yanzu a cikin takardar, cewa idan oda ta tsaya a 12 ko fiye a rana har wata biyu a jere za ka sayi babur ɗaya, idan ba ta kai ba a ci gaba da haya. Ka tura wa baffa kwafin takardar, ka kira shi ka karanta masa ita da bakinka.