Buhu shida ba amsa ba ce sai ka san daga fili nawa

Tambaya: Salamu alaikum Baba, ni ɗalibin aikin gona ne a Marwa ta Kamaru, an tura mu ƙauye mu rubuto amfanin gona na manoma, da filin da ake hutarwa da wanda ake ma ban ruwa. Wani manomi ya ce min ya samu buhu 6 na masakwa, wato dawar rani, na rubuta, malaminmu ya ce wannan ba amsa ba ce. Dan Allah ina matsalar take?

Wa alaikumussalam ɗana. Malaminku na da gaskiya. Abin da manomin ya faɗa maka shi ne jimlar abin da ya kai gida, shi kuma abin da takardarku ke nema, wanda malamai ke ce ma randema da faransanci, shi ne yawan abin da fili ya bayar gwargwadon girmansa, wato kilo nawa a hekta ɗaya. Mutum biyu kowa zai iya samun buhu 6, ɗaya daga rabin hekta ɗaya kuma daga hekta biyu, ka ga na farkon gonarsa ta yi kyau na biyun kuwa wahala ya sha. A Hausa duka muna cewa amfanin gona, shi ya sa dole kai ka ƙarasa maganar, ka rubuta "amfani a kowace hekta".

To bari mu yi lissafin da kai. Ka koma wajen manomin ka tambaye shi kar nawa ya dasa, don mutanenmu a nan da kar suke magana, kar ɗaya kwatan hekta ne, mita 50 tsawo mita 50 faɗi, kar huɗu ke yin hekta. A ce ya ce kar biyu. Kada ka ɗauka kowane buhu kilo 100 ne don ana kiransa haka a kasuwa, ka ari sikeli ka auna ko da biyu ne daga ciki. A ce ka samu kilo 90. Shida sau 90 ya ba ka kilo 540 a rabin hekta, wato kilo 1,080 a hekta. Amma fa ka je da igiya ko da waya ka auna filin da kanka, don sau da yawa kar ɗin baka ya fi kar ɗin igiya girma ko bai kai shi ba. In ka tarar filin hekta 0.6 ne, sai lissafi ya sauko kilo 900. Manomi ɗaya, buhu shidan nan dai, amma amsa ta canza da kilo 180 saboda awo kawai.

Sai maganar girbi, kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Girbi a takarda kalma ɗaya ce amma a gona aiki ne kashi kashi, kuma nauyi yana raguwa a kowane mataki. Dawa ana yanke zangarniya a tara a shanya, sannan a yi sussuka, sannan a sheƙe ƙaiƙayi ya fita a bar tsaba. Masara karya ta ake yi, gyaɗa a cire ta, wake a yi roro, shinkafa a yanka a buga. To in manomi ya ce buhu kaza, tambaye shi na me, zangarniya ko tsaba? Gyaɗa da ɓawo ko ɓararriya? Shinkafar Yagwa da Maga in aka ce tan kaza a hekta, ana nufin shanshera ce wadda ba a kai inji ba, in an cashe ta kusan kashi biyu cikin uku ne ke saura. Kada ka haɗa su a layi ɗaya.

Akwai kuma danshi. Hatsin da aka auna ranar girbi akwai ruwa a jikinsa. Masara mai danshi kashi 20 cikin ɗari in ta bushe ta koma 13, kilo 100 zai dawo kusan 92, lissafin shi ne 100 sau 80 a raba da 87. In ba ka da na'urar gwaji ka ciji tsabar, busasshiya za ta fashe ƙas, mai danshi kuwa haƙori zai nutse a ciki. Sannan ka tambayi abin da ya fita kafin a ɗinke buhu, zakka, ladan 'yan sussuka, wanda aka ba maƙwabta, wanda aka riga aka ci. Duk gonar ce ta bayar, in ba ka saka ba ka rage mata alhakinta.

Ni abin da na fi yarda da shi in amfani yana tsaye tukuna shi ne ka kewaye mita 10 da mita 10 a wuri uku ko huɗu cikin gonar, ba a bakin hanya ba, ba kuma inda ya fi kyau kawai ba, ka girbe ka sussuke ka busar ka auna. Abin da ka samu a kowane wuri sau 100 shi ne na hekta, kilo 9 na nufin kilo 900. Masakwa ana dasa ta da tazara sosai, kusan mita tsakanin tushe da tushe, shi ya sa ƙaramin fili ba zai ba ka gaskiya ba.

Yanzu filin hutu. Saura ita ce gonar da aka taɓa nomawa aka bari da gangan shekara ɗaya ko fiye don ƙasa ta farfaɗo, galibi bayan amfani ya ja baya ko wuta-wuta ta cinye dawa. Karal, wato filin laka da ake dasa masakwa, da za ka gani a watan Agusta ba kowa a ciki sai ruwa da ciyawa ba saura ba ce, lokacinta ne bai yi ba, tana shan ruwan da masakwa za ta rayu da shi ne. Fako kuma, wanda Fulani ke ce ma harde, ƙasa ce da ta daskare ruwa ke gudu a kanta ko ciyawar kirki ba ta fitowa, wannan lalacewa ce, ko shekara nawa aka bar ta da wuya ta dawo sai an fasa ta an yi mata kunya mai tare ruwa. Tambaya ɗaya ke raba su: yaushe rabonka da shuka a nan, kuma me ya sa ka bari?

Kuma kada ka rubuta masakwar nan a layin ban ruwa don ka ga da rani take girma. Ana yafa iri wajen Agusta, a dasa wajen Satumba zuwa Oktoba in ruwa ya janye, a huda rami da sanda mai tsini a zuba ɗan ruwa a saka dashe, shi ke nan ba a ƙara ba ta ruwa har girbi wajen Janairu ko Fabrairu, laka ce ke riƙe mata danshi. Haka take a Chadi inda ake ce mata berbere. Ban ruwa kuwa shi ne mutum ya riƙa kai ruwa akai akai, kamar masu albasa da ke jan ruwa da inji daga rijiya ko mayo, wato rafi, zuwa fangali, ko shinkafar da ke shan ruwan madatsar Maga da ta Lagdo. In fili na ban ruwa ana noma shi sau biyu a shekara, rubuta na damina daban na rani daban, in ka tara su wuri ɗaya za ka fito da adadin da ba gonar da ta taɓa bayarwa a girbi guda.

Ka koma da sikeli da igiya, kuma ka gaida malamin naku.