Kotlin ko Java: da wanne zan fara manhajata?

Tambaya: "Jama'a, ina aji uku a jami'a, mun yi Java a aji biyu. Ina son haɗa manhajar Android ta farko. In ci gaba da Java ko in koma Kotlin?"

Ƙanena, ɗauki Kotlin. Da Java na fara, kuma ga abin da ya sa na sauya.

Manhajata ta farko ta lissafin makin ɗalibai ce. Shafin farko yana karɓar suna ya miƙa wa na biyu. Wajen aikawa na rubuta "Suna" da babban baƙi, wajen karɓa kuma na rubuta haka:

```java
String suna = getIntent().getStringExtra("suna");
int tsawo = suna.length();
```

Java ba ta ce uffan ba, manhaja ta haɗu lafiya lau. Sai da na danna maɓalli ta mutu, a gaban abokai kuwa. Tunda kalmomin biyu ba su dace ba, abin da ya iso shi ne null, wato babu komai, ni kuma na nemi tsawon babu. Kwana biyu ina lalube kafin wani ya nuna mini Logcat, tagar saƙonnin manhaja a Android Studio, inda NullPointerException yake da jan rubutu har da lambar layin.

A Kotlin wannan layin ba zai ma haɗu ba. Za ta ja wa `suna.length` layi ta ce abin nan yana iya zuwa fanko, sai ka faɗi abin da za a yi:

```kotlin
val suna = intent.getStringExtra("suna") ?: "Baƙo"
```

Lura, ba ta gyara kuskuren babban baƙin ba. Amma in ka ga "Baƙo" a allo maimakon sunanka, ka san inda za ka duba. Sai dai akwai tarko: sabon shiga yakan liƙa `!!` don jan layin ya ɓace. Wannan rantsuwa ce cewa ba zai zo fanko ba, in ya zo manhajar za ta mutu kamar a Java.

Tun 2019 Google ta sa Kotlin a gaba a harkar Android, kuma Jetpack Compose, sabuwar hanyar zana shafuka, ba a rubuta ta da Java. Shi ya sa in ka zaɓi Empty Activity a Android Studio ba za a ba ka zaɓin Java ba, sai a Empty Views Activity.

Karatunka na aji biyu bai tafi a banza ba. Yawancin tsofaffin amsoshin Stack Overflow kan Android da Java suke, kuma in ka manna su cikin fayil ɗin `.kt`, Android Studio zai yi tayin juya maka su. Karanta abin da ya fito dai, yakan watsa `!!` ɗin nan.

Inda kawai zan ce ka tsaya a Java: idan aikin kammala karatu ne kuma malamin da ke duba ka Java yake karantawa. Je ka tambaye shi kafin ka buɗe Android Studio.