Takardun neman tallafin karatu da yadda ake tabbatar da kwafinsu

Tambaya: Na kammala digiri na farko, kuma ina neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Waɗanne takardu zan haɗa, kuma wa zai buga mini hatimi a kan kwafinsu?

Amsa: Malama, ki fara da karanta sanarwar masu bayar da tallafin layi bayan layi, domin abin da suka lissafa shi ne ma'auni. A bisa al'ada ana neman shaidar digiri, da cikakken sakamakon kwasa-kwasai tun daga ajin farko, da sakamakon WAEC ko NECO, da shafin fasfo mai ɗauke da hotonki, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan tallafin na gwamnati ne, sau da yawa akan ƙara da takardar asalin ƙaramar hukuma da shaidar kammala bautar ƙasa. Sakamakon kwasa-kwasan shi ya fi cin lokaci, saboda jami'o'i da dama ba sa karɓarsa daga hannun ɗalibi, sai ofishin rajistara ya aika musu kai tsaye, don haka shi za ki fara nema.

Kwafin da aka tabbatar shi ne wanda mai izini ya ajiye kusa da takardar asali, ya gwada su, sannan ya rubuta cewa sun yi daidai, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi. Wanda ya fi cancanta shi ne rajistaran makarantar da ta ba ki takardar, sai lauya notari, wato wanda Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa domin wannan aiki. Idan kuwa ƙasar ta buƙaci tantancewar gwamnati, akwai jeri: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar, domin kowannensu sa hannun wanda ya gabace shi yake gaskatawa.

Abin da ya fi damuna shi ne saɓanin suna. Misali, sunan mahaifinki ya fito Muhammad a sakamakon WAEC, Mohammed a fasfo, ko kuma shekarar haihuwa ta zama 1999 a nan, 2000 a can. Hatimi ba ya gyara wannan, domin kuskuren kawai zai tabbatar. Ki baje takardun a kan tabarma ki bi su harafi bayan harafi, in kin ga bambancin suna ki yi takardar rantsuwa a Babbar Kotu gaban kwamishinan rantsuwa, ki haɗa da su. Saɓanin ranar haihuwa kuwa sai an koma hukumar da ta yi kuskuren.

Kada ki aika takardar asali ta gidan waya, kuma kada ki manna mata leda, domin wasu ofisoshin ba sa karɓar wadda aka rufe haka.