Wasan baki a gidan da ake Hausa da Fillanci

"Jama'a ina neman shawara. Ni Bakatsine ne, matata Bafillatana ce daga wajen Daura. Kullum muna tsokanar juna, in ce mata mara kunya ta yi dariya ta rama. Ran nan goggonta ta zo, na so in burge su da ɗan Fillancin da na koya, na ce mata 'a wala semtende'. Tun ranar ba ta ƙara yi mini wasa ba, goggon ma ta tafi ba wani sallamar kirki. Ba abu ɗaya na faɗa ba? Ina laifina?"

Ƙanena, a fassara abu ɗaya ka faɗa, amma a kunnen matarka magana biyu ce daban, kuma a kunnen goggo ta zama ta uku. Ni a irin gidan nan na tashi a Daura, mahaifinmu Bahaushe ne, Dadarmu kuwa daga ruga aka kawo ta, ta zo da Hausarta kaɗan-kaɗan. Don haka bari in gaya maka yadda abin yake tafiya.

Zagi yana da nauyi ne a harshen da aka yi wa mutum faɗa da shi yana yaro. Matarka ta koyi "mara kunya" a makaranta ko a bakin ƙawaye, ko ma a bakinka, ta saba jin ta tare da dariya. Ita kuwa waccan kalmar ta ji ta ne a bakin uwa ko goggo, ranar da ta yi abin da aka ɗaure mata fuska a kai. Kai da ka are ta ba ka ji komai ba, don kamar wanda ya ari wuƙar maƙwabci ne, bai san ta wane gefe aka wasa ta ba. Sannan ka haɗa da ina kalmar take a wurinsu. Filako, wato pulaku, a kan kunya da haƙuri da hankali ya tsaya, kunyar kuma ita ce gaba. Yarinyar da aka tarbiyyantar ba ta kiran sunan miji, ba ta cin abinci gaban surukai, ɗanta na fari ma sai ta yi kamar ba ta san shi ba. Wadda ta tashi a haka, in aka ce ba ta da semtende, ba ita kaɗai aka taɓa ba, an taɓa wanda ya rene ta. Wanda ya rene ta kuwa, in ka bincika, mai yiwuwa goggon nan ce da ke zaune a kan tabarmarka, don riƙon 'yar ɗan'uwa abu ne da aka saba.

Mu mutanen ƙasar Katsina muna da wata matsala a nan, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bakinmu ya saba da ashar har ta zama gishirin hira. Yaro ya ci jarrabawa a ce "shege, ya iya", aboki ya sayi sabon babur a ɗura masa wadda ta fi wannan, kowa na dariya. Sai mu ɗauka kowa haka kunnensa yake. Abin da ke ƙara ruɗa mu shi ne Fulanin birni. Tun hawan Sarki Muhammadu Dikko a 1906 Sulluɓawa ke sarautar Katsina, kafin su Dallazawa, amma jeka gidajen nan ka ji, Hausa ake yi, da irin barkwancinmu. To sai mutum ya auro Bafillatana mai jin harshenta ya yi zaton irin maƙwabtansa ne na cikin gari. Ba haka ba ne.

Amma babban abin da ya ɓata lamarinka ba kalmar ba ce, wurin ne. Duk lokacin da aka sauya harshe ana cikin wasa, ka duba su wa aka shigar cikin maganar, su wa aka fitar. Da ka faɗa da Hausa da muryar wasa, goggo za ta iya yin kamar ba ta ji ba, ta ɗauke shi a sha'anin Haɓe da ba ruwanta da shi. Hausar ta ba ta ƙofar fita. Da ka juya zuwa Fillanci ka rufe wannan ƙofar, ka zama kamar ita kake kai wa ƙara da harshenta: ga 'yarku nan, ba ta da kunya. Matarka kuma ba ta da halin ramawa, domin mayar wa miji magana gaban goggo shi ne ainihin rashin kunyar da ka ambata. Ka ga ka ɗaure ta ta ko'ina. Wasa kuwa sai da ramuwa, in ɗaya ba zai iya ramawa ba ya tashi daga wasa.

Dadarmu ta ƙware a wannan sauyin, kuma ta kowane ɓangare take amfani da shi. In muka yi ɓarna ga baƙi a tsakar gida, 'yan'uwan Baba da ba sa jin Fillanci, ba za ta ɗaga murya ba. Tana zuba musu fura tana murmushi za ta ce wa yayana a hankali "a wala hakkilo", ba ka da hankali. Baƙi su ɗauka aike ta yi masa, shi kuwa ya san abin da ke jiransa da dare. Nan Fillancin sutura ne, ta yi faɗa ba ta tozarta ɗanta ba. In kuma kawunanmu ne suka zo daga ruga, sai ta juya, faɗan ya koma Hausa da ƙaramar murya. Amma ranar da ta ga yaro ya ƙi ji har ana son ya ji kunya, to da harshen da kowa a wurin ke ji za ta faɗa, kuma mu duka mun san wannan ita ce bulalar ƙarshe.

Tsakaninta da Baba kuwa wani salon ne. Shi yakan kira ta 'yar ruga mai tsoron mota, ita ta ce masa Kaɗo, in ya shanye ƙwaryar kindirmon da ta ajiye ta ƙara da "gujjo kosam", ɓarawon nono. Yana jin wannan ya fashe da dariya, don ya san ma'anar, ita ta koya masa. Ka lura da wannan sosai: kalmomin da take tsokanarsa da su duk waɗanda ya sani ne. Ranar da ta yi doguwar magana da Fillanci ita da ƙanwarta suna kallonsa suna dariya, ranar ce kaɗai na ga ransa ya ɓaci, alhali ba wani mugun abu suka faɗa ba, hularsa ce da ta karkace. Mutum yana iya shanye zagin da ya ji, amma dariyar da bai san dalilinta ba tana cin rai. Malamai ma suna kawo hadisin da ya hana mutum biyu su keɓe da magana su bar na uku, don hakan na baƙanta masa. Sauya harshe a gaban wanda ba ya ji keɓewa ce ko da ba a matsa gefe ba.

Akwai kuma maganar wa ke da lasisin wasa da wa. A Hausa da Fillanci duka, taubasai suna yi, Fulani suna ce wa taubashi dendirawo, har kuɗin shara ake bi a watan cika-ciki. Kaka da jika suna yi, ƙanin miji da matar wa suna yi. Suruki da suruka ba sa yi, kuma ba a yi a gabansu. Goggon matarka surukarka ce cikakkiya. Da ɗan goggon ne ya faɗa wa matarka wannan kalmar, a gaban uwarsa ma, dariya za a yi, ita kuma ta wanke shi tas, don taubashinta ne. Kai ba ka da wannan rigar.

Yadda za ka riƙa gane ko wasa ya wuce gona da iri ba wuya. Muddin tana ramawa, ko da wane harshe, lafiya lau. In ta rama da Fillancin da ka sani, wasan ya yi daɗi ke nan. In ta yi ƙunƙuni da wanda ba ka sani ba, ta ji haushi amma ƙarami ne, zai wuce kafin la'asar. Wanda za ka ji tsoro shi ne ta ce maka "to" kawai, ko "mi nani", na ji, ta ci gaba da aikinta, abinci a kan lokaci, gaisuwa cikakkiya har da durƙusawa, amma ba tsokana. Bafillatanar da aka yi wa tarbiyyar haƙuri ba za ta zo ta ce ka ɓata mini rai ba. Ladabin da ya yi yawa shi ne fushin. Daga bayaninka a nan kake yanzu.

Gyaran kashi biyu ne, kuma ka fara da na cikin ɗaki. Ka same ta ku biyu, ba yara, ka yi mata magana da Hausa, harshen da kai kake da iko da shi. Kada ka ce za ka ba da haƙuri da Fillancin aro, shi ya kai ka inda kake, kuma in ka karya kalma abin zai koma kamar wani sabon wasan. Kada ka kafa hujja da cewa ai kullum kana faɗa da Hausa tana dariya, wannan cewa ne laifinta ne da ta ji zafi. Ka ce mata ba ka san nauyin kalmar ba, kuma ka gane ka kunyata ta gaban goggo. Mai yiwuwa ta ce ba komai. Kada ka ɗauka an gama, kuma kada ka matsa mata sai ta yi dariya a ranar.

Na goggo kuwa da ƙafa ake yinsa, ba da waya ba. Ka shirya ka je gaisuwa har gida, da goro da sabulu, in da hali turmin atamfa. Ka tafi da wani babba daga wajenku, yayarka ko baffanka, wanda zai yi maganar a madadinka, kai kana zaune ƙasa kanka a sunkuye. Ba sai an maimaita kalmar ba, maimaita ta ma sabon laifi ne. Ya isa a ce yaro ne yana koyon harshe, bakinsa ya zarce, kuma gidanku ba su ga komai a wurin 'yarsu ba sai alheri da kunya. Wannan jimlar ta ƙarshe ita goggo ke son ji, don tun da ta bar gidanka abin da take juyawa a ranta shi ne ko 'yar da ta rena ta yi wani abin ne a gidan miji.

Koyon Fillancin kada ka fasa, amma ka canza malami. Na tabbata a majalisa ko a kasuwar shanu ka tsinto wannan, don can abin da ake fara koya wa mutum ke nan. Ka bari matarka ta koya maka, ka fara da gaisuwa da godiya da yadda ake yi wa baƙo maraba. Kalmomin tsokana kuma ita za ta zaɓa maka waɗanda ta yarda ka jefe ta da su, ka tambaye ta a gaban wa ake faɗarsu, a gaban wa ba a faɗa. Kuma har sai ta fara tsokanarka da kanta, ka ajiye "mara kunya" ɗin Hausar ma tukuna.