Ka tsayar da gudun linzami kafin ka fara atisaye

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ni sabon shiga ne a Valorant, wasan harbi na kwamfuta, ina bugawa a wani gidan wasa a Garwa, awa ɗaya kawai nake samu a rana. Me ya sa ƙwararru ke zama suna harbin ƙwallaye a Aimlabs maimakon su buga wasan? Ni ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi lissafi da kanka. Wasa ɗaya na Valorant yakan ci minti talatin zuwa arba'in, sai wani ɓangare ya ci zagaye 13. A cikin wannan lokacin sau nawa ka yi ido biyu da abokin gaba? Wataƙila sau ashirin ko talatin. Sauran lokacin kana sayen bindiga, kana tafiya, ko an kashe ka kana kallon 'yan uwanka. A Aimlabs kuwa, manhajar koyon saiti, cikin daƙiƙa 60 hannunka zai yi saiti sau da dama fiye da haka. Abin da ƙwararru ke nema ke nan, maimaici mai yawa cikin ɗan lokaci, da ɗumama hannu kafin gasa. Mu nan arewa muna da ƙarin riba, domin harbin ƙwallayen a kan kwamfutarka yake gudana, jinkirin intanet ba ya ɓata maka awo.

Amma wata biyu na farko ni a banza na yi su, kuma ba na so ka bi sawuna. Kullum aka ci ni sai in canza gudun linzami. Ga kwamfutocin gidan wasa, kowace da nata linzamin. Hannuna bai taɓa sanin nisan da zai ja ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka tsayar da gudun linzami. Lambar DPI, wato ma'aunin gudun shi kansa linzamin, ake ninkawa da lambar gudu da ke cikin wasan, a samu eDPI:

```
800 × 0.35 = 280 eDPI
```

Da wannan saitin sai ka ja linzami kusan santimita 47 kafin ɗan wasanka ya juya ya dawo inda ya fara. Ba dole ka ɗauki nawa ba, amma ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai wata guda. Ni rula ta 'yan makaranta nake sawa a aljihu. Duk kwamfutar da na zauna a kai, sai in ɗora saiti a gefen wata ƙofa a cikin wasan, in ja linzami in juya baya, in auna: rabin juyi ya kamata ya ba ni kusan santimita 23. Idan bai kai ba na san DPI ɗin linzamin ya bambanta. In kana da hali ka sayi naka linzamin kana zuwa da shi. A Aimlabs kuma ka zaɓi Valorant a wurin saiti, ka sa lambarka, don motsin ya zama iri ɗaya.

Awarka ɗaya ga yadda zan raba ta. Minti goma a Aimlabs, kuma cikin atisayen da ke ciki ina ganin Sixshot ya fi maka amfani a kan Gridshot da kowa ke yayi. Ƙwallayen Gridshot manya ne, suna koya wa sabon shiga gaggawa. Na Sixshot ƙanana ne kamar kan mutum daga nesa. Kada ka bi maki, ka bi yawan dacewa. Idan cikin harbi goma kana kuskure fiye da ɗaya, ka rage sauri.

Ka lura da irin kuskuren kuma. Idan kullum kana wuce ƙwallon sannan ka dawo, ko dai gudun ya yi maka yawa, ko kana damƙe linzami da ƙarfi. Ni damƙa ce matsalata, musamman a zafin watan Afrilu da tafin hannu ke jiƙewa da gumi. Alamarta ita ce tsintsiyar hannu ta ƙage kafin minti biyar. Da ka ji zafi a wurin ka tsaya, kada ka daure.

Sai minti biyar a The Range, filin atisaye na cikin Valorant, da bindigar da kake riƙewa, Vandal ko Phantom. Ka fara da Easy, mutum-mutumi 30 ne, kai kaɗai za ka nema. In kana samun 25 kwana uku a jere, ka hau Medium. Bayan nan Deathmatch ɗaya, wato wasan da kowa ke harbin kowa. A nan za ka koyi abin da ƙwallaye ba za su koya maka ba: ajiye saiti daidai tsayin kai kafin mutum ya fito, da tsayawa cak kafin ka harba, domin a Valorant harsashi yana kaucewa idan kana tafiya. Sauran lokacin ka buga wasa ɗaya sosai.

Ka riƙa rubuta sakamakon Sixshot da The Range a wayarka. Na yau da na jiya ba sa nuna komai, ranar da ba ka yi barci ba hannu zai yi nauyi. Ka kwatanta mako da mako. Bayan mako huɗu ka turo mana lambobin tare da DPI ɗinka, mu duba ko lokacin taɓa gudun ya yi.