Fatura ta ɓace a cikin imel: yadda za ka sa Gmail ya riƙa ware maka saƙonni

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina sarin abaya da turare a Balad nan Jidda ina turawa Kano ta kargo. Imel ɗina ya cika da talla, watan jiya faturar riyal 18,000 ta shige min sai da dila ya kira yana faɗa. Ya zan yi saƙon kuɗi ya riƙa ware kansa?

Amsa: Alhaji sannu da ƙoƙari. Abu na farko, manhajar Gmail ta waya ba ta da wajen yin wannan, sai ka hau kwamfuta, amma da ka saita sau ɗaya zai riƙa aiki har a wayar.

Shawarata kar ka fara da ƙirƙirar doka, wato filter ɗin da zai riƙa ware saƙonnin, fara da akwatin bincike na sama, duk abin da ka rubuta a nan shi ne dokar, kuma nan take za ka ga ko ta kama abin da kake so. Mu ɗauki dilan abayar nan, a ce adireshinsu yana ƙarewa da example.com, sai ka rubuta:

```
from:example.com filename:pdf subject:(فاتورة OR الفاتورة OR invoice)
```

Ma'anarsa saƙon ya fito daga kamfanin, yana ɗauke da fayil ɗin pdf, kuma taken yana da ɗaya daga cikin kalmomin nan uku. Ka lura na sa sunan kamfanin ne kawai ban sa adireshin mutum ɗaya ba, saboda yau akanta ne zai turo gobe yaron shago jibi an canza ma'aikaci, in ka ɗaure dokar da mutum ɗaya ranar da ya bar aiki ta mutu ba ka sani ba. OR ɗin kuma dole da manyan baƙaƙe, in ka rubuta da ƙanana ba zai ɗauke shi a matsayin "ko" ba. Ko da Gmail ɗinka na Larabci ne waɗannan kalmomin umarni haka ake buga su.

Mutane da yawa has:attachment suke sawa, ni ba na so, don yana kwaso komai har hotunan sabbin kaya, filename:pdf ya fi tsaf. In mai kargo yana turo lissafin kwalaye a Excel shi kuma filename:xlsx ne nasa.

To yanzu duba sakamakon da kyau. Ɗauko faturori uku da ka tabbata sun zo a wata biyun nan, suna ciki? In ɗaya ba ta fito ba buɗe ta ka ga dalili, galibi taken ne, an rubuta lamba kawai ko kuma hoton faturar aka ɗauka da waya aka turo. In dilan nan haka yake, ba ya rubuta take mai ma'ana, cire ɓangaren subject ɗin gaba ɗaya, in kuma hoto yake turowa filename:pdf za ka cire, gara talla biyu su shigo da fatura ɗaya ta tsere.

In ka gamsu, danna alamar da ke ƙarshen akwatin binciken, sai Create filter, ka zaɓi Apply the label ka ba shi suna kamar Fatura, ka ƙara Star it. Kar ka manta da Also apply filter to matching conversations, in ba haka ba sabbin saƙonni kawai za ta taɓa, tsofaffin suna nan a warwatse.

Inda nake roƙonka don Allah, kar ka sa Skip the Inbox a kan saƙon kuɗi, balle Delete it, abin da ya shiga kwandon shara bayan kwana 30 ya tafi ke nan. Talla ake ɓoyewa, shi ma da hankali. Za ka ce bari in ɓoye duk taken da ke da عرض tunda talla ne, alhali عرض سعر shi ne takardar farashin da kai ka nema kake jira. Ga yadda za ka kare ta:

```
subject:(عرض OR عروض) -subject:سعر
```

Alamar ragewar nan tana nufin ban da. Kuma ka sani in saƙo ɗaya ya dace da dokoki biyu duka biyun za su yi aiki a kansa, wato dokar talla tana iya fitar da fatura daga gabanka ko da an lika mata sunan Fatura, shi ya sa yana da kyau ka ƙara -from:example.com a dokar tallan don kar ta taɓa dilolinka.

Sai maganar 'yan damfara. In fatura ta zo da sunan dilanka amma ba ta samu alamar Fatura ba, tsaya ka karanta adireshin harafi-harafi, suna canza harafi ɗaya ne. Ko ta samu alamar ma, in an ce an canza lambar IBAN, kar ka tura ko riyal ɗaya sai ka kira shi a lambar da ka saba kiransa, ko ka taka zuwa shagon tunda duk kuna Jidda.